KAFIN KA SA HANNU: YADDA AKE KARANTA TAKARDAR AIKIN LA'ADA

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron matasa na ƙungiya



Iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, dattawan unguwa, da ku 'ya'yanmu matasa maza da mata, ina yi wa kowa barka da zuwa. An ce in yi magana a kan aikin talla na kamfani, irin wanda ake biyan mutum da la'ada, wato abin da yaran yanzu suke kira kamisho. Ni dai ba lauya ba ne, kuma bokona bai yi nisa ba, Islamiyya na yi. Amma na fi shekara talatin ina saye da sayarwa tsakanin Agbeni da Bodija, saboda haka in dai lissafi ne, to ba a yi mini sauri.

Dalilin da ya sa na karɓi wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gidana. Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya shigo mini da murna, riƙe da takarda shafi huɗu. Ya ce, "Kawu, na sami aiki a wani kamfani mai rarraba sabulu da taliya da man girki. Za a riƙa biyana har N250,000 a wata. Sun ce in kawo wanda zai tsaya mini, ga wurin da za ka sa hannu." Na ce masa, "Madalla, Allah Ya sanya alheri. Amma zauna tukuna. Ɗauko biro da takarda, ka karanta mini layi-layi, kana fassarawa." Muka zauna tun bayan Isha'i har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da muka gano a wannan dare shi zan gaya muku, da alƙalumansa.

Da farko ku gane cewa la'adar kamfani daban take da la'adar da muka gada. Iyayenmu dillalan shanu da na goro a nan Sabo, da zarar an yi sallama, mai saye da mai sayarwa sun tafa, to la'ada ta halatta, dillali ya karɓi abinsa ya sa aljihu. Ta kamfani kuwa sharuɗɗa gare ta gaba da baya. Akwai sharaɗin da za ka cika kafin a ba ka, akwai kuma wanda zai sa a karɓe bayan an ba ka. Duk suna cikin takardar nan da yaro yake ɗokin sa wa hannu.

Abu na farko: nawa ne naka tabbas?

Kalmar da ta fara tsaya mini ita ce "har". Wanda ya ce zai ba ka har N250,000 bai yi maka alkawarin N250,000 ba, iyakar sama kawai ya nuna maka. Sai na ce wa yaron, nemo mini abin da za a ba ka ko da ba ka sayar da ko sabulu ɗaya ba. Muka duba, muka ga albashin tushe, wanda suke ce wa besik, N60,000 ne, sai alawus na mota N20,000. Jimla N80,000. Sauran N170,000 ɗin duk la'ada ce, wadda tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa.

Na san wani zai ce, ai gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000 a shekarar 2024, daga N30,000 na 2019, yaya za a rubuta wa mutum N60,000? To ku sani, dokar mafi ƙarancin albashin ta ware waɗanda ake biya da la'ada, ta kuma ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka kada ka shiga da tunanin cewa dokar nan ta tsare maka ƙasa. Abin da aka rubuta a takardarka shi ne naka.

Sannan ka cire kuɗin da aikin kansa zai ci. Mai talla yawo yake yi, yau Dugbe, gobe Oja Oba, jibi Aleshinloye. Muka ƙiyasta wa yaron N2,000 a rana na mota da acaba da katin waya. A kwana 26 na aiki, N52,000 ke nan. Alawus ɗin kuwa N20,000 ne. Kun ga ashe N32,000 daga cikin albashinsa za ta fita. Abin da zai rage masa tabbatacce bai wuce N28,000 ba. A kan wannan ne mutum zai auna ko zai iya ci ya sha a watan da kasuwa ta yi sanyi.

Akwai kuma wani layi mai daɗin ji. Sun ce a watanni uku na farko, tun da sabon ma'aikaci bai san 'yan kasuwa ba, za a riƙa ƙara masa N40,000 kowane wata. Yaron ya ce, "Kawu, ka ga mutanen kirki ne." Na ce ci gaba da karatu. Layin da ke biye ya ce za a riƙa cire kuɗin daga la'adarsa ta gaba, N20,000 duk wata har ya ƙare. To wannan ba kyauta ba ce, adibas ne, bashi ne na N120,000 da zai ɗauki wata shida yana biya. Ba laifi ba ne kamfani ya ba da adibas, yana ma taimakawa. Laifin shi ne ka ci shi a matsayin albashi, sai ranar biya ka ce an cuce ka. Duk kuɗin da aka ce za a ba ka a farkon aiki, ka tambaya a fili: wannan nawa ne, ko zan mayar?

Abu na biyu: kason cinikin da aka ɗora maka

Kowane kamfani yana yanka wa mai talla adadin cinikin da zai kawo a wata, shi ne suke kira taget. Na yaron nan naira miliyan 5 ne. La'adar kuma hawa uku suka yi mata. In cinikinsa bai kai miliyan 3.5 ba, ba shi da ko kwabo. In ya kai miliyan 3.5 amma bai cika miliyan 5 ba, a ba shi kashi 1 cikin 100. In ya cika miliyan 5 ko ya wuce, a ba shi kashi 2 cikin 100 na cinikin gaba ɗaya.

Ku lura da yadda matakalar nan take. Wanda ya sayar da kayan miliyan 3.4 ya tashi a tutar babu, wanda ya sayar da na miliyan 3.5 ya sami N35,000. Wanda ya kai miliyan 4.9 ya sami N49,000, wanda ya cika miliyan 5 ya sami N100,000. Bambancin cinikin N100,000 kacal, amma bambancin la'adar N51,000. Wannan shi yake sa yaro a ƙarshen wata ya rikice, ya riƙa tura wa masu shaguna kayan da ba su nema ba, yana cewa ku karɓa kawai, kwa biya daga baya. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta, domin nan ramin yake.

Sai na ce to, N250,000 ɗin da aka yi maka romon baka da ita fa, ciniki nawa take bukata? La'adar N170,000 a kan kashi 2 cikin 100, sai an sayar da kayan miliyan 8.5. Miliyoyi a baki ba su da nauyi, shi ya sa nake so ku riƙa farfasa su zuwa kwanaki. Miliyan 5 a kwana 26, kusan N192,000 ke nan kowace rana. In muka ɗauka kowane shago zai ɗauki kayan N40,000, to shago biyar kake bukata su saya kullum, ba fashi. Miliyan 8.5 kuwa sai shago takwas da ɗoriya kullum. Kuma duk wanda ya taɓa talla ya san ba kowane shagon da ka shiga ne zai saya ba, wani yana da sauran kaya, wani yana da wanda yake kawo masa tun da daɗewa.

Saboda haka akwai tambayoyin da za ka yi wa manaja, cikin ladabi. Masu talla nawa ne a nan, kuma mutum nawa ne suka cika kasonsu a watanni uku da suka wuce? Yankin da za a ba ni, akwai tsofaffin abokan ciniki a ciki, ko daga farko zan fara? Wanda ya riƙe shi kafin ni, nawa yake kawowa? In kaya suka yanke a sito na mako guda, za a rage mini kaso? In manaja ya amsa da alƙaluma, alama ce mai kyau. In ya ce ai ya danganta da ƙoƙarin mutum, ya tsaya nan, to ka nemi ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan ku sha shayi, matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma duba yaushe ne ake ƙirga ciniki a matsayin naka. Ranar da mai shago ya ce a kawo? Ranar da aka sauke masa kaya? Ko ranar da kuɗinsa ya shiga asusun kamfani? Waɗannan ranaku uku ne daban, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya yin wata biyu. Sannan ka duba ko an rubuta cewa kamfani yana da ikon canza kaso ko la'ada duk lokacin da ya ga dama. Yawanci akan rubuta haka. Abin da za ka roƙa shi ne a sanar da kai a rubuce wata guda kafin canjin, kuma kada canjin ya shafi cinikin da ka riga ka yi.

Abu na uku: janye la'ada bayan an biya

Wannan shi ne babban abin da ya kawo ni. A shafi na uku, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa duk kayan da mai shago ya dawo da su, da duk bashin da ya wuce kwana 45 ba a biya ba, za a cire su daga cinikin watan da aka sayar da su, a sake lissafin la'adar watan, abin da aka biya fiye da ƙa'ida kuma a zare shi daga kuɗin ma'aikaci na gaba.

Asalin wannan sharaɗi ba zalunci ba ne. Ni ma ina da yara a shago, kuma ba zan yarda in biya yaro lada a kan kayan da aka dawo mini da su ba. In ba a sa shi ba, sai mai talla ya zuba kaya ga wanda ba zai biya ba, ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Amma yadda ake lissafa janyewar shi ne abin dubawa. Bari mu yi misalin da muka yi da yaron.

Mu ɗauka a wata na huɗu ya dage, ya yi irin turin nan na ƙarshen wata, cinikinsa ya kai miliyan 5.2. An ba shi kashi 2 cikin 100, N104,000. Ya yi murna, ya sayi waya, ya aika wa mahaifiyarsa wani abu. Bayan makonni, wani mai shago ya dawo da kayan N300,000, ya ce ba sa tafiya. Wani kuma da ya ɗauki na N400,000 ya wuce kwana 45 bai biya ba. Jimla N700,000.

Na tambayi yaron, nawa za a cire maka? Ya buga, ya ce kashi 2 cikin 100 na N700,000, wato N14,000. Na ce a'a, sake karanta layin. Ba la'adar kayan kawai za a cire ba, lissafin watan za a sake. In aka cire N700,000 daga miliyan 5.2, saura miliyan 4.5. Ka faɗo ƙasa da kasonka ke nan, la'adarka ta koma kashi 1 cikin 100, wato N45,000. An riga an ba ka N104,000. Saboda haka ana bin ka N59,000. Yaron ya yi shiru yana kallon takarda.

Muka ci gaba zuwa wata na shida, inda za a zare kuɗin. Mu ce a watan ya sayar da kayan miliyan 4, la'adarsa N40,000. A haɗa da N80,000 na albashi da alawus, ya zama N120,000. A cire N59,000 na janyewa, saura N61,000. A cire N20,000 na adibas, saura N41,000. Kuɗin motarsa na watan kuwa N52,000 ne. Jama'a, mutum ya yi yawon rana wata cur, ya sayar da kayan miliyan 4, amma abin da ya shigo hannunsa bai biya masa kuɗin mota ba. Kuma ba wanda ya sace masa ko kwabo, duk a rubuce yake, da sa hannunsa.

Akwai tambayoyi huɗu a kan wannan sharaɗi. Na ɗaya, la'adar kayan da abin ya shafa kaɗai za a janye, ko watan duka za a sake lissafi? Na biyu, har tsawon wane lokaci ake iya janyewa? In ba a sa iyaka ba, ana iya tono maka cinikin bara. Na uku, in mai bashin ya zo ya biya a kwana na 50 ko na 60, za a mayar maka da abin da aka cire? Takardar yaron ba ta ce komai a kan wannan ba, ma'ana kamfani ya sami kuɗinsa, shi kuwa ya yi asara. Na huɗu, daga la'ada kaɗai za a cire, ko har albashin tushe za a taɓa?

A nan ma akwai maganar doka da ya kamata ku sani. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce jimlar abin da za a cire daga ladan ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A misalinmu, sulusin N120,000 shi ne N40,000, amma an cire N79,000. Sai dai dokar, a inda ta bayyana wane ne ma'aikaci, ta fitar da wakilai da masu tallan kamfani da suke aikinsu a wajen harabar kamfanin. Mai yawon kasuwa-kasuwa yana iya samun kansa a wajen wannan kariya. In rikici ya tashi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, amma ita ma takardar da ka sa wa hannu za a fara buɗewa a gabanta. Saboda haka iyakar sulusin nan, ka nemi a rubuta maka ita a cikin takardarka tun farko.

Ka kuma bambanta janye la'ada da ɗora maka bashin kansa. Wasu takardun sukan ce in mai shago ya gudu, mai talla ne zai biya kuɗin kayan baki ɗaya. Mutumin da ribarsa a kan kayan N400,000 ba ta wuce N8,000 ba, a ce shi zai ɗauki asarar N400,000? Wannan cinikin bai yi ba. In har za a ɗora maka wani abu, to ya kasance sai in kai ka ba da bashin ba da izinin ofis ba. Kuma kowane bashi da za ka bayar, ka tabbata manaja ya sa hannu, ka ajiye kwafin rasit a wurinka.

Yanzu gare ku iyaye da dattawa, masu tsaya wa yara. Mu a Sabo mun san nauyin tsayawa, tun zamanin da maigida yake lamunce wa baƙonsa bashin shanu a hannun mahauta. Amma maigida ya san wanda aka ba bashin, ya san gidansa. Kai kuwa da za ka sa hannu a takardar garanto ba ka san shagunan da yaron zai ba kaya ba. Shekarun baya na tsaya wa wani yaro a wani wuri ban karanta ba, don kunyar mahaifinsa. Da abu ya lalace, ƙofar shagona aka zo, kuma sai da na biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to ni ko ladan ban ci ba na yi askin. Tun daga ranar ba na tsaya wa kowa sai an rubuta iyakar kuɗin da nake lamuni, an kuma rubuta cewa a kan sata ko cin amana na tsaya, ba a kan bashin 'yan kasuwa ba.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne ranar barin aiki. Ta ce ana biyan la'ada kwana 30 bayan ƙarewar wata, kuma wanda ya bar aiki ba shi da haƙƙi a kan la'adar da ba a riga an biya ba. Ku haɗa biyun nan, za ku ga duk ranar da yaro ya tafi, ko aka sallame shi, zai bar la'adar wata guda ko fiye a baya, alhali adibas da janyewa suna nan suna bin sa.

To yaya muka ƙare? Na ce wa yaron kada ya ƙi aikin, kuma kada ya sa hannu tukuna. Ya roƙi kwana biyu, muka rubuta bukatu huɗu, ya kai wa manaja da kansa. Sun yarda a janye la'adar kayan da abin ya shafa kaɗai, ba a sake lissafin wata ba. Sun yarda kada cirewa ta wuce sulusi a wata, kuma in mai bashi ya biya a mayar masa da abinsa. Sun sa iyaka a takardar garanto. Maganar rage kaso kuwa suka ce ba za ta yiwu ba, kowa haka yake yi. Muka ce mun ji. Aka buga gyaran a takarda, manaja ya sa hannu da hatimi, domin alkawarin baki yana tafiya ne tare da manajan da ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki. Sannan na sa nawa hannun. Yaron yana aikinsa yanzu, yana da ɗan littafi da yake rubuta kowane kaya da kowane biya, kuma duk ƙarshen wata yana gwada lissafinsa da na akanta.

'Ya'yana, in an miƙo muku irin wannan takarda, ku ce a ba ku ku je gida da ita. Wurin da ya ce sai dai ka sa hannu nan take, ba za ka fita da ita ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku lissafa wata uku a takarda: watan da kasuwa ta yi kyau, watan tsaka-tsaki, da watan da aka dawo da kaya. In za ku iya rayuwa a na ukun, ku karɓa da bismillah. Wanda lissafin ya shige masa duhu, shagona a buɗe yake bayan La'asar, ya zo da takardarsa da biro.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah Ya ba yaranmu sana'a mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.